XLOOKUP da tsofaffin hanyoyin nemo bayani a Excel: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi maimaituwa a bakin masu riƙe lissafin shaguna da ma'aikatan ofisoshi a nan Kaduna duk lokacin da zancen XLOOKUP ya taso. Domin amsoshin su zauna kan turba ɗaya, zan yi amfani da misali guda daga farko har ƙarshe, wato wani shagon kayan masarufi a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke sayar da sari da ɗaiɗai. Fayil ɗin shagon yana da shafi mai suna Farashi, inda ginshiƙin A ke ɗauke da sunan kaya, B lambar kaya, C farashi, D kuma abin da ya saura a sito, daga layi na 2 zuwa na 200. Akwai kuma shafi mai suna Ciniki, inda yaron shago ke rubuta lambar kaya a A da adadin da aka saya a B, ita kuma fomula ta kawo farashi a C, a yi jimla a D. Farashin da za a gani a nan na misali ne kawai: buhun shinkafa SH-01 a kan naira 62,000, buhun sukari SK-02 a kan 70,000, jarkar man gyaɗa MG-03 a kan 48,000, katan ɗin taliya TL-04 a kan 18,500.

Mene ne XLOOKUP, kuma yaya ake rubuta shi?

XLOOKUP fomula ce da ke ɗaukar abu guda, ta neme shi a cikin wani jeri, idan ta same shi sai ta dawo da abin da ke daidai da shi a wani jerin na dabam. Kamfanin Microsoft ya sanar da ita a 2019 domin ta maye gurbin VLOOKUP da HLOOKUP, ta kuma rage buƙatar haɗa INDEX da MATCH. Tana da gurabe shida, amma uku na farko ne kaɗai dole:

```
=XLOOKUP(lookup_value, lookup_array, return_array, [if_not_found], [match_mode], [search_mode])
```

Gurbi na farko shi ne abin da ake nema, na biyu shi ne inda za a neme shi, na uku kuma inda za a ɗauko amsa. A shagonmu, domin a kawo farashin kayan da aka rubuta lambarsa a A2 na shafin Ciniki, sai a rubuta wannan a C2:

```
=XLOOKUP(A2,Farashi!$B$2:$B$200,Farashi!$C$2:$C$200)
```

Idan A2 na ɗauke da TL-04, fomular za ta bi ginshiƙin B daga sama har ta iske TL-04, sannan ta tsallaka zuwa ginshiƙin C a wannan layin ta kawo 18,500. Alamar `$` da aka sa gaban haruffa da lambobi ita ce ke riƙe jerin a wuri ɗaya idan aka ja fomular ƙasa. Wanda bai sa ta ba zai ga layukan farko suna aiki lafiya, amma can ƙasa kayan da ke saman jerin farashi sun daina samuwa, domin jerin yana zamewa ƙasa da layi ɗaya a kowane ja.

Tunda VLOOKUP tana aiki, me zai sa in canza?

Idan fayil ɗinka ya daɗe yana aiki da VLOOKUP kuma babu mai taɓa tsarinsa, babu dole ka rushe shi. Sai dai ya kamata ka san inda rauninta yake. Ga yadda ake rubuta ta don aikin da muka yi a sama:

```
=VLOOKUP(A2,Farashi!$B$2:$D$200,2,FALSE)
```

Lambar nan 2 tana nufin ginshiƙi na biyu idan aka fara ƙirge daga B, kuma a nan matsalar take, domin lamba ce da aka buga da hannu wadda ba ta bin sauyin da aka yi wa shafi. A ce mai shago ya ga ya dace ya riƙa ajiye kuɗin da ya saro kowane kaya, sai ya saka sabon ginshiƙi tsakanin lambar kaya da farashin sayarwa. Excel zai faɗaɗa jerin da kansa ya koma daga B zuwa E, amma 2 ɗin tana nan yadda take, saboda haka daga wannan lokacin shafin Ciniki zai riƙa kawo kuɗin sari a matsayin kuɗin sayarwa. Babu wata alamar kuskure da za ta bayyana, lambobi ne masu kama da gaskiya, kuma yaron shago zai iya wuni yana sayar da kaya a kan uwar kuɗi kafin wani ya lura. XLOOKUP ba ta ƙirga ginshiƙai. Tana nuna ginshiƙin amsa kai tsaye, don haka idan farashi ya matsa daga C zuwa D, fomular tana bin sa.

Rauni na biyu shi ne VLOOKUP ba ta duba hagu. Dole abin da ake nema ya kasance a ginshiƙin farko na jerin, amsa kuma a damarsa. A shafinmu sunan kaya yana A, lamba tana B, don haka VLOOKUP ba za ta iya kawo suna daga lamba ba sai an sake tsara shafin. Da XLOOKUP kuwa sai kawai a sa `Farashi!$A$2:$A$200` a gurbi na uku. Rauni na uku ya fi waɗannan haɗari, kuma shi ne tambaya ta gaba.

Me ya sa ake ta nanata cewa kada a manta da FALSE a ƙarshen VLOOKUP?

Domin idan aka bar gurbin ƙarshe ba a rubuta komai ba, VLOOKUP tana ɗauka an yarda ta kawo abin da ya yi kusa, ba lallai sai wanda ya yi daidai ba. A ce an jera lambobin kaya bisa haruffa: MG-03, SH-01, SK-02, TL-04. Yaron shago ya yi kuskure ya buga TA-04 a maimakon TL-04. VLOOKUP marar FALSE ba za ta ce babu ba, za ta tsaya a kan lamba ta ƙarshe da ba ta wuce TA-04 ba a jerin haruffa, wato SK-02, ta rubuta wa katan ɗin taliya farashin buhun sukari, naira 70,000. Idan ma jerin ba a tsare yake bisa haruffa ba, to amsar da za ta fito ba a iya hasashenta, har kayan da aka rubuta lambarsa daidai yana iya samun farashin wani.

XLOOKUP ta juya wannan tsari. Idan ba ka gaya mata komai ba, daidai kawai take nema, kuma idan ba ta samu ba tana faɗa. A ganina wannan shi ne babban dalilin da zai sa wanda ke gina sabon fayil ya fara da ita, musamman fayil ɗin da hannaye da yawa za su taɓa.

INDEX da MATCH fa? An ce su ma suna duba hagu.

Gaskiya ne, kuma shekaru da yawa su ne mafitar waɗanda suka gaji da raunin VLOOKUP. MATCH tana gano layin da abu yake, INDEX kuma ta ɗauko abin da ke wannan layin a ginshiƙin da aka nuna mata:

```
=INDEX(Farashi!$C$2:$C$200,MATCH(A2,Farashi!$B$2:$B$200,0))
```

Wannan haɗin ba ya lalacewa idan aka saka sabon ginshiƙi, yana duba hagu da dama, kuma yana aiki a kowane tsohon Excel. Abin lura a cikinsa shi ne sifilin da ke ƙarshen MATCH, wanda aikinsa ɗaya ne da FALSE na VLOOKUP, kuma mantawa da shi yana jawo irin matsalar da aka bayyana a amsar da ta gabata. Bambancinsa da XLOOKUP shi ne ya fi wuyar karantawa, domin amsa ce ke zuwa farko kafin abin nema, sannan ba shi da gurbin faɗin abin da za a nuna idan ba a samu ba, sai an naɗe shi cikin wata fomular.

Mece ce ma'anar #N/A, kuma ta yaya zan sa a nuna wani abu a madadinta?

`#N/A` tana nufin an nema ba a samu ba. Fomular ba ta lalace ba, ta yi aikinta ne ta kawo rahoton cewa lambar da aka ba ta babu ita a jerin. Gurbi na huɗu na XLOOKUP an yi shi ne domin wannan yanayin, kuma duk abin da aka sa a ciki shi zai bayyana a madadin `#N/A`:

```
=XLOOKUP(A2,Farashi!$B$2:$B$200,Farashi!$C$2:$C$200,"Babu a jeri")
```

Idan rubutu ne, dole a sa shi tsakanin alamun zance guda biyu kamar yadda aka yi a nan. Ana iya sa lamba, ko adireshin wani akwati, ko ma wata fomula sukutum. Sa shi ba wuya. Abin da ke buƙatar tunani shi ne zaɓen abin da za a sa, kuma tambaya ta gaba a kansa take.

To me ya fi dacewa a nuna: sifili, fili, ko rubutu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan, don haka bari mu bi cinikin rana ɗaya daki-daki. An sayar da buhu 3 na shinkafa, kuɗinsu 186,000. An sayar da katan 10 na taliya, kuɗinsu 185,000. An kuma sayar da jarka 2 ta man gyaɗa, kuɗinsu 96,000, amma yaron shago ya buga MG-3 a maimakon MG-03. Ainihin cinikin ranar naira 467,000 ne.

Idan an sa 0 a gurbi na huɗu, farashin man gyaɗa zai fito sifili, jimlar layin ta zama sifili, jimlar rana kuma ta nuna 371,000. Shafin zai yi kyau tsaf, babu ja babu alama, amma naira 96,000 ta ɓace daga lissafi. Da yamma idan aka ƙirga kuɗin aljihun tebur aka ga sun fi na kwamfuta, sai a fara zargin juna, ko kuma mafi muni, idan bashi aka ba da man, babu abin da zai tuna wa kowa cewa ana bin wani. Saboda haka ba na ba kowa shawarar sa sifili a wurin farashi, ko albashi, ko makin ɗalibi. Sifili yana dacewa ne kawai inda rashin samu yake nufin babu komai da gaske, misali idan ana neman lambar kaya a jerin kayan da aka dawo da su, kuma kayan da ba ya cikin jerin ba a dawo da ko ɗaya ba.

Idan an sa `""`, wato alamun zance biyu babu komai a tsakaninsu, akwatin zai zama kamar fili. Amma a wurin Excel rubutu ne marar harafi, don haka `=B2*C2` a ginshiƙin jimla zai ba da `#VALUE!`, kuskuren ya tashi daga wani akwati ya koma wani, kuma sabon ya fi wuyar fahimta. Ga shi kuma ido yana saurin tsallake fili a cikin layuka ɗari biyu. Idan kuwa an bar `#N/A` yadda take, jimlar layin da jimlar rana duka za su zama `#N/A`. Abin ba daɗin gani, amma yana da amfani ɗaya babba, wato ba a iya rufe lissafin ranar sai an gyara.

Hanyar da na fi gamsuwa da ita a fayil ɗin da mutane da yawa ke cikewa ita ce rubutu mai faɗin matsalar, haɗe da abubuwa biyu. Na farko, a gyara fomular jimla ta yadda ba za ta ninka rubutu ba. Na biyu, a ajiye wani akwati kusa da jimlar rana da ke ƙirga layukan da ba a samu ba:

```
=IF(ISNUMBER(C2),B2*C2,"")
=COUNTIF(C2:C500,"Babu a jeri")
```

Da wannan tsarin jimlar rana za ta nuna 371,000, amma a gefenta akwai 1 da ke shaida cewa layi ɗaya bai shiga ba. Ƙa'idar shagon sai ta zama ba a rufe littafi sai wannan akwatin ya koma sifili. Idan aka bar ƙirgen aka tsaya a kan rubutu kaɗai, an koma matsalar sifili ta wata ƙofa, domin SUM tana tsallake rubutu ba tare da ta ce komai ba.

Layukan da ban cike ba tukuna duk suna nuna "Babu a jeri". Yaya zan hana?

Hakan na faruwa ne idan aka ja fomular zuwa layuka masu yawa tun kafin a rubuta komai a ginshiƙin A. Yana kuma ɓata ƙirgen da aka bayyana a amsar da ta gabata, tunda zai haɗa da layukan da ba a yi ciniki a cikinsu ba. Maganin shi ne a fara tambayar ko akwai abin nema kafin a nema:

```
=IF(A2="","",XLOOKUP(A2,Farashi!$B$2:$B$200,Farashi!$C$2:$C$200,"Babu a jeri"))
```

A nan fili ya dace, domin babu abin da aka ɓoye.

Ai da IFERROR nake yin wannan tun da. Akwai bambanci?

Akwai, kuma ba ƙarami ba ne. IFERROR, wadda ta zo da Excel 2007, tana rufe kowane irin kuskure ba tare da bambancewa ba. Idan wani ya goge ginshiƙin da fomular ke dogaro da shi aka samu `#REF!`, ko aka yi kuskuren rubuta sunan fomula aka samu `#NAME?`, IFERROR za ta shafe su duka ta rubuta "Babu a jeri". Mai duba shafin zai yi ta neman kuskure a lambobin kaya, alhali lambobin lafiyarsu ƙalau, fomular ce ta karye. Gurbi na huɗu na XLOOKUP ba ya aiki sai a yanayi ɗaya tak, wato an nema ba a samu ba, sauran kurakurai kuwa yana barinsu su fito a gan su.

Ga wanda dole ya zauna a kan VLOOKUP ko INDEX da MATCH, IFNA ce ta fi kusa da wannan hali. Ta zo da Excel 2013, kuma `#N/A` kaɗai take kamawa:

```
=IFNA(VLOOKUP(A2,Farashi!$B$2:$D$200,2,FALSE),"Babu a jeri")
```

Ina ganin lambar da idona a cikin jerin, amma fomular ta ce babu. Me ke faruwa?

Kusan kullum abin da ido ke gani iri ɗaya, a wurin Excel iri biyu ne. Sanadi na farko shi ne tazara da ta maƙale a ƙarshe ko a farkon rubutu, wadda ba a ganinta. Ana gane ta da LEN, wadda ke ƙirga haruffa: SH-01 haruffa 5 ne, don haka idan `=LEN(A2)` ta ba da 6, akwai wani abu a ɓoye. Idan tazarar tana cikin abin da ake nema, sai a rubuta `TRIM(A2)` a gurbi na farko. Idan tana cikin jerin Farashi ne, gara a tsabtace jerin sau ɗaya a huta. Bayanan da aka kwafo daga intanet kan zo da wata irin tazara da TRIM ba ta cirewa, wadda sai an maye gurbinta da `SUBSTITUTE(A2,CHAR(160),"")`.

Sanadi na biyu shi ne lamba a gefe guda, rubutu a ɗaya gefen. Wannan ya fi addabar masu neman abokan ciniki da lambar waya ko lambar asusun banki. Lambar wayar da ta fara da 080, idan aka buga ta a akwatin da ba a mai da shi na rubutu ba, Excel zai yar da sifilin farko ta koma lamba mai alƙaluma 10, alhali a ɗaya shafin tana nan da alƙaluma 11 a matsayin rubutu. Ko da alƙaluman sun zo daidai, 1005 na lamba da 1005 na rubutu ba sa haɗuwa, ko a XLOOKUP ko a VLOOKUP. Alamar da ake fara dubawa ita ce lamba tana jingina dama a cikin akwati, rubutu kuma hagu, sannan `=ISNUMBER(A2)` tana tabbatarwa. Ana mai da lamba rubutu da `A2&""`, ana mai da rubutu lamba da `VALUE(A2)`, amma sifilin da ya riga ya faɗi sai an dawo da shi, misali da `TEXT(A2,"00000000000")` ga lambar waya. Manya da ƙananan haruffa kuwa ba su ne matsalar ba, domin sh-01 da SH-01 ɗaya ne a wurin waɗannan fomuloli.

An samu kayan, amma farashin ya fito 0. Ba gurbi na huɗu ya kamata ya kama wannan ba?

A'a, domin an samu abin da ake nema. A ce an shigar da gishiri da lamba GS-05 a shafin Farashi amma ba a kai ga rubuta kuɗinsa ba. XLOOKUP za ta iske GS-05, ta tsallaka zuwa akwatin farashi ta tarar da shi fayau, kuma Excel yana nuna akwatin da babu komai a matsayin 0. VLOOKUP da INDEX ma haka suke yi. Wannan sifilin yana da haɗari iri ɗaya da wanda aka yi bayani a tambayar sifili da fili da rubutu, kuma ƙirgen "Babu a jeri" ba zai gan shi ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙara ƙirge na biyu, `=COUNTIF(C2:C500,0)`, tunda babu kayan da ake sayarwa kyauta.

Zan iya sa ta duba wani jeri idan ba ta samu a na farko ba?

Ƙwarai. Tunda gurbi na huɗu yana karɓar fomula, sai a sa wata XLOOKUP a ciki. A ce shagon yana da reshe a Kawo da nasa jerin farashin a shafi mai suna Kawo:

```
=XLOOKUP(A2,Farashi!$B$2:$B$200,Farashi!$C$2:$C$200,XLOOKUP(A2,Kawo!$B$2:$B$200,Kawo!$C$2:$C$200,"Babu a jeri"))
```

Jerin da aka sa farko shi ke rinjaye idan kayan yana cikin duka biyun. Idan jerin suka kai uku ko huɗu, ya fi kyau a haɗe su a shafi ɗaya.

Idan lamba ɗaya ta bayyana sau da yawa, wacce ake kawowa?

Ta farko daga sama, kuma babu gargaɗin cewa akwai wasu. A jerin farashi maimaici kuskure ne, kuma ana gano shi da `=COUNTIF($B$2:$B$200,B2)`, inda duk abin da ya haura 1 yake buƙatar dubawa. Amma a shafin da ake rubuta sarin kaya, maimaici shi ne daidai, tunda ana saro shinkafa sau da yawa, kuma abin da mai shago yake so shi ne kuɗin sari na ƙarshe. VLOOKUP mai neman daidai ba ta iya farawa daga ƙasa. XLOOKUP tana yi idan aka sa -1 a gurbi na shida. A ce shafin Sari yana da lambar kaya a B da kuɗi a D:

```
=XLOOKUP(A2,Sari!$B$2:$B$900,Sari!$D$2:$D$900,"Ba a taɓa sara ba",0,-1)
```

A kula cewa fomular ba ta duba kwanan wata, matsayin layi kawai take bi. Idan wani ya sake jera shafin bisa sunan dila ko bisa kuɗi, na ƙarshe a jeri ba zai zama na ƙarshe a lokaci ba. Idan kuma abin da ake so shi ne jimlar duk sarin da aka yi na kaya guda, wannan aikin SUMIFS ne, domin XLOOKUP layi ɗaya take kawowa.

Yaushe ne neman abin da ya yi kusa yake da amfani?

Yana da amfani idan jerin na matakai ne. A ce shagon yana yin ragi bisa yawan katan: daga 1 babu ragi, daga 10 kashi 2 cikin 100, daga 50 kashi 5 cikin 100. An rubuta matakan a shafin Ragi, adadi a A, ragi a B. Wanda ya sayi katan 35 ba ya cikin jerin kai tsaye, amma matakinsa shi ne na 10. Gurbi na biyar ne ke kula da wannan: 0 daidai kawai, -1 daidai ko na ƙasa da shi, 1 daidai ko na sama da shi, 2 kuma nema da alamun `*` da `?`.

```
=XLOOKUP(B2,Ragi!$A$2:$A$4,Ragi!$B$2:$B$4,"Duba adadi",-1)
```

Katan 35 zai samu kashi 2, katan 50 cif zai samu kashi 5. VLOOKUP da TRUE tana yin wannan aikin, amma dole matakan su kasance a jere daga ƙarami zuwa babba, alhali XLOOKUP ba ta buƙatar hakan muddin ba a sa 2 ko -2 a gurbi na shida ba. Rubutun "Duba adadi" zai fito ne kawai idan adadin ya gaza matakin farko, misali an buga 0.

Me ke kawo #VALUE! ko #SPILL! a XLOOKUP?

Sanadin `#VALUE!` da aka fi gani shi ne jerin nema da jerin amsa ba su kai tsawo ɗaya ba, misali ɗaya ya tsaya a layi na 200, ɗayan a na 250. Yakan faru ne lokacin da kaya suka ƙaru aka tsawaita ɗaya aka manta da ɗayan. Ita kuwa `#SPILL!` tana zuwa ne idan aka nemi amsa fiye da ɗaya. XLOOKUP tana iya kawo farashi da saura a tare idan aka sa `Farashi!$C$2:$D$200` a gurbi na uku, amsar ta bazu zuwa akwatin da ke dama. A shafinmu na Ciniki akwatin dama yana ɗauke da jimla, don haka babu wurin bazuwa, sai Excel ya ƙi. Da zarar an share akwatin da ya tare hanya, amsar za ta fito.

Na aika fayil ɗin zuwa wata kwamfuta sai na ga _xlfn da #NAME?. Fayil ɗin ya lalace ne?

Bai lalace ba, kwamfutar ce ke da Excel ɗin da bai san XLOOKUP ba. Fomular tana aiki a Microsoft 365, da Excel 2021 da na bayansa, da Excel na intanet. Babu ita a Excel 2019 da 2016 da waɗanda suka gabace su. Google Sheets ma ya samu tasa a 2022. Tsohon Excel yana nuna sunan a matsayin `_xlfn.XLOOKUP`, yana iya ci gaba da nuna amsoshin da aka ajiye a baya, amma da zarar ya sake lissafa akwatin sai ya koma `#NAME?`. Idan aka mayar da fayil ɗin kan sabon Excel ba tare da an goge fomulolin ba, za su ci gaba da aiki.

Wannan batu yana da nauyi a wurinmu, domin kwamfutoci da yawa a ofisoshi da shagunan buga takardu, daga Tudun Wada har Barnawa, tsohon Excel ne a kansu. Kafin ka gina fayil ɗin da za a riƙa yawo da shi a filasha, ka gwada kowace kwamfutar da za ta buɗe shi: ka buga `=XL` a wani akwati, idan sunan XLOOKUP bai fito a jerin da Excel ke nunawa ba, to babu ita. Idan ko guda ɗaya ce ba ta da ita, ka gina fayil ɗin da INDEX da MATCH naɗe cikin IFNA, ka riƙe rubutun "Babu a jeri" da ƙirgensa kamar yadda aka tsara a sama. Idan kuma wanda za a aika wa karantawa kawai zai yi, kamar akanta ko mai shago da ke tafiya, sai ka kwafi shafin ka liƙa shi da `Paste Special` ka zaɓi `Values`, ko ka fitar da shi a matsayin PDF, ka ajiye na asali mai fomuloli a wurinka.